Yadda fassarar waya ta haɗiye "kada" a takardar asibitin Iya

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu a nan Makka, can ɓangaren Shari Mansur, kowa Iya yake ce mata, ta fi shekara talatin a garin nan amma Larabcinta bai wuce na kasuwa da gaisuwa ba. Ciwon ciki ya matsa mata, aka rubuta mata gwajin nan da ake zura na'ura ta baki a leƙa tumbi, wanda a nan ake ce wa minzar. Asibitin suka ba ta 'yar takarda mai layi huɗu na abin da za ta kiyaye kafin ranar. Da ta dawo gida sai ta miƙa wa jikanta, yaro ne da ya zo daga gida bai daɗe ba, shi kuma ya yi abin da kowa yake yi yanzu, ya ɗauki hoton takardar da waya ya saka a manhajar fassara ya karanta mata da Hausa. Kwana uku bayan nan aka dawo da ita gida ba a yi gwajin ba, wai jininta ya hau sosai ba za su taɓa ta a haka ba, aka ɗaga mata zuwa wani wata.

Da yamma yaron ya zo shagona da takardar da wayar duka, ransa a ɓace, ya ce min "Kawu wallahi abin da aka rubuta na karanta mata, ban ƙara komai ba." Kuma gaskiyarsa ne, bai ƙara ba, bai rage ba. Wayar ce ta rage. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan, don irin takardun nan kullum ana kawo min su, na asibiti, na jawazat wato ofishin fasfo da izinin zama, saƙon kafili wato wanda ya tsaya wa baƙo a ƙasar, takardar haya, kuma kuskuren da nake gani kusan iri ɗaya ne kullum, kuma mutum zai iya kama mafi yawansa ko da bai iya Larabci ba.

Layin farko da na biyu a haɗe suke, jimla ɗaya ce:

يرجى عدم تناول الطعام لمدة 8 ساعات قبل الموعد، وعدم إيقاف دواء الضغط

Ma'anarsa, kada a ci abinci awa 8 kafin lokacin da aka ba ka, kuma kada a daina shan maganin hawan jini. Abin da wayar ta fitar shi ne: "Don Allah kada ku ci abinci na awa 8 kafin naɗin, da dakatar da maganin matsa lamba." Iya ta ji an ce dakatar da magani, maganin da take sha kullum kuma ɗaya ne, na hawan jini, sai ta ajiye shi tun daga ranar. Mace ce mai bin umarnin likita, ba ta yi gardama ba, ta ma yi tunanin ai hakan yana daga cikin shirin.

To ku duba Larabcin da kyau. Kalmar عدم ta zo sau biyu, ɗaya a farko, ɗaya bayan waƙafi da harafin wawun a manne a gabanta. Ita ce "kada" ɗin takardar. A Hausar da ta fito kuwa "kada" ɗaya ce tak. Biyu suka shiga, ɗaya ta fito. Ba sai ka san ma'anar sauran kalmomin ba kafin ka ga wannan, ƙirga kawai za ka yi. Kuma a nan ne nake ganin mu Hausawa muna da wata dama da muke raina wa, kusan dukkanmu mun yi makarantar allo ko Islamiyya, idonmu ya san baƙin Larabci ko da ba mu san fassara ba. Kalmomin kore magana a irin waɗannan takardu ba su da yawa: لا da لم da لن da ليس da غير da عدم da بدون da دون, sai ممنوع da يمنع na hani. Wanda ya haddace su kamar yadda ya haddace lambar wayarsa, duk takardar da aka ba shi zai iya bin ta da yatsa ya ce ga ɗaya, ga biyu, sannan ya koma Hausar ya nemi "kada" ko "kar" ko "ba" ko "babu" ko "banda" ko "an hana". Idan lissafin bai zo daidai ba to a tsaya, kar a aikata komai tukuna. A kula kuma da wawun da fa'un da ba'un da ke mannewa a gaban kalma, don ولا da فلا da بلا duk لا ce ta sa riga, kuma irin su ido ya fi tsallakewa.

Me ya sa na'ura take yar da wannan ƙaramar kalma alhali ita ce ma'anar gaba ɗaya? Ita na'urar ba fahimtar takarda take yi yadda ni da kai muke yi ba, ta koyi aikinta ne daga tarin jimloli da fassararsu, tana fitar da kalma bayan kalma tana zaɓar wadda ta fi kama da abin da ya saba biyowa. In ta yar da sunan magani jimlar za ta gurgunce kowa ya gani, amma in ta yar da "kada" jimlar tana nan lafiya lau, tana daɗin karantawa, ba tabo ko ɗaya. Ko irin awon da masu ƙera ta suka daɗe suna amfani da shi, na ƙirga kalmomi nawa suka yi daidai da fassarar ɗan Adam, kalma ɗaya cikin ashirin in ta ɓace maki kaɗan ne ya ragu, alhali a wurin Iya wannan kalmar ita ce bambancin sha da ajiyewa. Sannan akwai wani abu na nahawu da na lura da shi a wannan jimlar musamman. A wasu harsuna kore ɗaya a farkon jimla yakan rufe aikatau biyu da aka haɗa da "da". A Hausa ba haka muke ji ba, in ka ce "kada ka ci abinci, da dakatar da magani" kunnen Bahaushe umarni biyu daban yake ji, na farko hani na biyu aikatawa. Mu sai an maimaita, kada ka ci, kada kuma ka daina. Don haka duk inda ka ga doguwar jimla mai "kada" a farko sannan "da" ko "kuma" a tsakiya da wani aiki a bayansa, nan ne ramin, ka tsaya ka koma asalin.

Sai dai kar in yaudare ku, ƙirgan nan ba ya aiki ɗari bisa ɗari. Duk wanda ke Makka ya san allunan nan da ake kafawa gabanin aikin hajji, لا حج بلا تصريح. Kore biyu ne a ciki, لا da بلا. Bahaushe zai ce "babu hajji sai da tasrihi", wato takardar izini, kore ɗaya ke nan a fili, na biyun "sai" ta ɗauke shi, kuma fassarar daidai ce. Haka "daina", "ƙi", "rashin", "kasa", duk suna ɗauke da kore a cikinsu. Saboda haka in lissafi bai zo daidai ba, ba lallai an yi kuskure ba, alama ce dai ta cewa ga wurin da za a bincika. Binciken kuma ga yadda nake yinsa, kuma shi na nuna wa jikan Iya a tsaye a shago. Ka kwafo rubutun Larabcin, ka yanke shi a wurin waƙafi ko wurin wawun, ka fassara kowane guntu shi kaɗai. Da muka saka وعدم إيقاف دواء الضغط ita kaɗai, nan take wayar ta ce "da rashin dakatar da magani", kore ya dawo. Gajeruwar jimla ba ta cika ɓata mata ba, doguwa ce ke sa ta mantuwa. Hanya ta biyu ta fi wannan ƙarfi, ka goge kalmar koren da hannunka daga Larabcin ka sake fassarawa. In Hausar ta canza, to da ma ta ga kalmar. In Hausar ta fito iri ɗaya da kalmar da babu kalmar, ka kama ta dumu-dumu, ba ta lissafa ta ba tun farko.

Wani abin kuma, hoto. Yawancin mutanenmu ba rubutawa suke ba, hoton takarda suke ɗauka, kuma kafin a fassara sai wata na'urar ta fara karanta baƙaƙen daga hoton. In takardar ta naɗe a aljihu, ko hatimi ya hau kan layi, ko haske ya ɗauke gefe, kalma mai harafi biyu irin لا ita ce farkon tafiya. Manhajojin galibi suna nuna rubutun da suka karanto kafin fassara, a riƙa buɗe shi ana gwadawa da takardar. A nan ne ma ake kama kuskuren lamba, don ٥ ta Larabci biyar ce duk da ta yi kama da sifiri, ٦ kuma shida ce duk da ta yi kama da bakwai ta boko, sifirin kansa ɗigo ne kawai da ƙura ma za ta iya kwaikwaya.

Wannan duk Larabcin takarda ne. In aka zo saƙon waya na yau da kullum, wanda kafili ko mai gida ko direba zai turo da Larabcin Hijaz, abin ya fi haka rikici, don a can ما ce ke yawan kore magana, kuma ita ما ɗin tana nufin "abin da" a wani wurin. Mutum ya rubuta ما دفعت, zai iya zama ban biya ba, ko ba ka biya ba, ko ba ta biya ba, ko abin da na biya, tunda ba a sa wasali. Magana kan kuɗi ce fa. Ni irin wannan ba na yarda da fassarar waya sam, cewa nake a kira mutumin ko a ce ya turo da murya a kai wa wanda ya ji Larabci.

Mu ma kuma muna da namu laifin in muna rubuta Hausa don a juya ta Larabci. Koren Hausa ƙafa biyu gare shi, ban karɓa ba, bai zo ba, ba za mu je ba, amma a waya sai mu haɗe komai, "bankarba", "bazanjeba", wani ma ya yar da "ba" ta ƙarshe gaba ɗaya. Ga kuma "ba" ta bayarwa. "Ba shi kuɗi" umarni ne a miƙa masa, "ba shi da kuɗi" talauci ne, "bashi" kuma abin da ake bin mutum, amma duk ukun "bashi" muke bugawa. Kai da ka san zancen za ka gane, na'urar kuwa caca take. Wata baiwar Allah mai aikin gida ta taɓa nuna min saƙon da ta tura wa uwar ɗakinta, tana so ta ce ba ta karɓi albashin wata biyu ba, ta buga shi a dunƙule ba "ba" ta ƙarshe, Larabcin da ya fita cewa ya yi ta karɓa. Ta tura da hannunta, yana nan a rubuce a wayar matar. Don Allah in maganar haƙƙi ce a raba kalmomi, a sa "ba" biyun, jimla ɗaya magana ɗaya.

Mu koma takardar Iya, don ba kore kaɗai aka ɓata ba. Kun ga "naɗin" da "matsa lamba". Wane naɗi? Iya sarauta za a ba ta a asibiti? Kalmar موعد lokacin ganin likita ce. Abin da ya faru, kuma wannan ya kamata kowa ya sani, shi ne rubutun da aka fassara kai tsaye tsakanin Larabci da Hausa wanda na'ura za ta koya daga gare shi kaɗan ne ƙwarai, mai yawan shi ne Larabci da Turanci, da Turanci da Hausa, saboda haka sau da yawa maganar ta Turanci take bi kafin ta iso mu. A Turanci kuwa kalma ɗaya ce take nufin lokacin ganin likita take kuma nufin naɗa mutum muƙami, kalma ɗaya ce take nufin hawan jini da matsin lamba. Larabcin bai da ruɗani, Hausar ma ba ta da shi, a tashar tsakiya aka sauya kaya. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a 2013, kuma yawancin rubutun Hausa da ake samu a intanet labarai ne da rubutun addini, to ba mamaki na'ura ta fi sanin naɗin minista da matsin lambar siyasa a kan layin asibiti.

Alamar wannan kuskuren a wurina guda ce, kalmar Hausa ce sosai, ba ta da aibi, amma ba 'yar unguwar ba ce. Takardar asibiti tana maganar naɗi, takardar haya tana maganar wasa, saƙon jawazat yana maganar tayar da sallah don an ga إقامة alhali igamar zama ake nufi. In ka ji kalma ta fito daga wata duniya daban da ta takardar, kar ka yi mata kwaskwarima a ranka ka wuce, don abin da yaron nan ya yi ke nan, ya ce min ya ga "naɗin" ya ɗauka wata Hausar asibiti ce da bai sani ba. Ka ɗauki kalmar Larabcin ita kaɗai ka saka, manhajojin sukan jero ma'anoni da yawa a ƙasa, ka zaɓi wadda ta dace da wurin.

Layi na uku ya fi ba ni tsoro ma. An rubuta إحضار مرافق, wayar ta ce "kawo kayan aiki". Iya har ta tambayi yaron wane kayan aiki, ya ce ƙila katin asibiti da magungunanta. Kalmar nan in ka karanta ta murafiƙ, ɗan rakiya ce, in ka karanta ta marafiƙ, kayayyakin amfanin gini ne irin su banɗaki da wurin ajiye mota. Baƙaƙen iri ɗaya, wasali ne ya raba, kuma ba a rubuta wasali. Asibitin ɗan rakiya suke so, saboda ana ba mutum maganin da ke sa shi gyangyaɗi kafin a zura na'urar, ba a so ya fita titi shi kaɗai bayan an gama. Wannan ba Turanci ne ya jawo shi ba, daga Larabcin ne. Mu ma haka Hausarmu take in an rubuta ta ba ƙugiya ba alamar jan wasali, "baki" na cin abinci ne ko baƙi na launi ko baƙin da suka sauka, "gari" na tuwo ne ko na zama. Irin wannan ne ya faru a 2017, wani Bafalasɗine ma'aikacin gini ya sa hotonsa jikin motar rusau a Facebook ya rubuta gaisuwar safiya, fassarar na'ura ta mayar da ita kiran a kai hari, 'yan sandan Isra'ila suka kama shi suka yi masa tambayoyi kafin a gane, kamfanin ya ba da haƙuri daga baya. Ba wanda ya iya Larabci da ya duba kafin a je kama shi.

Akwai kuma na asibiti guda biyu da nake so mata musamman su riƙe don suna yawan zuwa. على الريق ba "a kan yawu" ba ne, da safe ne kafin a ci komai. صائم kuma in ya zo a takardar gwajin jini za a fassara shi "azumi", kuma ba ƙarya aka yi ba, amma azumi a kunnen tsohuwa yana da sahur, sai ta tashi da asuba ta ci ta ƙoshi ta tafi gwajin ƙarfe takwas. Su nufinsu kar a ci komai na adadin awannin da suka faɗa. A tambaye su awa nawa, kuma ruwa fa.

Sai layi na huɗu, wanda ya kawo mu ga kalmomin da babu su. An ce a sanar da likita in ana shan مميعات الدم, wato magungunan da ke tsinka jini su hana shi gudajewa, irin su warfarin. Wayar ta ce "sanar da likita idan kuna amfani da masirantan jini". Masirantan. Na juya kalmar nan a bakina sau da yawa, ƙirarta ta Hausa ce sak, kamar maɗinka, kamar masunta, amma ban taɓa jin mahaluƙin da ya faɗe ta ba. Dalili shi ne na'urorin nan ba kalma sukutum suke ajiyewa ba, gutsattsari suke aiki da su, "ma" da "sirant" da "an", in suka haɗu da abin da ba su taɓa ganin Hausarsa ba sai su harhaɗa guntayen da suka yi kama, a nan ma daga "siriri" na Turancin tsakiya aka ɗebo. Ba ta cewa ban sani ba, ko yaushe sai ta fitar da wani abu.

Abin da ya sa wannan ya fi cin mu a nan Saudiyya shi ne kowa yana shakkar Hausarsa. Yaran da aka haifa a Makka da Jidda da Madina, in suka ga baƙuwar kalma sai su ce ai Hausar Kano ce, ko ta rediyo, mu ne ba mu sani ba. Wanda ya zo daga gida kuma sai ya ce ƙila Hausar 'yan Makka ce mai gauraye da Larabci, tunda yana jin ana cewa igama da tasrihi da mustashfa da kafili. Kowa ya jingina wa ɗan uwansa, kalmar ƙarya ta wuce a tsakiya. Bambancin kuwa a fili yake, igama da kafili akwai bakunan da ke faɗarsu kullum, ka fita ƙofar gida za ka ji. Kalmar na'ura ba ta da mai ita. Ka faɗe ta da ƙarfi a gaban dattijo ɗaya ɗan gida da ɗaya ɗan nan, in duka biyun suka ce mene ne, to ka ajiye ta. Ka buga ta a wurin bincike na intanet, in ba ta fito ko'ina ba sai a shafukan da su ma da gani na'ura ce ta fassara su, ka samu amsa. Mai hali ya duba ƙamus, na Bargery na 1934 yana intanet, duk da shi ba za ka samu kalmomin zamani a ciki ba. Kuma abin da ya fi muhimmanci, wurin da na'ura ta ƙirƙiri kalma, wurin ne kalmar asali ta fi wuya, galibi sunan magani ne ko cuta ko wata doka, wato daidai abin da bai kamata a yi hasashe a kansa ba. Iya ba ta shan irin wannan maganin, Allah ya taimaka. Wanda yake sha kuma bai faɗa ba, zubar jini ake jin tsoro in an ɗan yanki nama don gwaji.

Mutane da yawa in na yi wannan maganar sai su ce ai akwai dabara, ka mayar da Hausar zuwa Larabci ka gani ko ta dawo daidai. Tana da amfani, amma rabin amfani. Kore da ya ɓace takan tona shi, don in ka mayar za ka ga عدم ɗaya maimakon biyu. Amma kuskuren ma'ana ɓoye shi take yi. Mun gwada da "naɗin", ya koma ta hanyar da ya zo ya fito موعد lafiya lau, kamar ba abin da ya faru. "Masirantan jini" ma ta gane abinta ta mayar daidai, tunda ita ta haife shi. Sai ka ga Larabcin farko da na ƙarshe sun yi daidai ka samu natsuwa, alhali abin da tsohuwa ta ji a kunnenta daban ne.

Ni ba na cikin masu cewa a daina amfani da fassarar waya, wanda ya faɗi haka bai san halin da mutanenmu ke ciki ba. Akwai wadda take aiki a gidan da ba ta fita, akwai wanda takardunsa ba su cika ba yana tsoron ya je ya yi tambaya, akwai alhajin da ya zo na wata ɗaya ya ɓace tsakanin masauki da Harami, waɗannan wayar nan rahama ce gare su, kuma sau da yawa tana faɗin daidai. Inda nake da magana mai zafi shi ne kan masu turawa. Mutum ya samu sanarwa da Larabci kan biza ko tara ko ranar da za a rufe shiga Makka, ya watsa ta a manhaja, ya kwafo Hausar ya tura guruf mai mutum ɗari biyu, ba asalin, ba a ce na'ura ce ta fassara ba, wani ma har ya sa "sanarwa mai muhimmanci" a sama. Wanda ya karanta ba shi da abin da zai gwada da shi. Ejan-ejan na Umara da masu kula da alhazai su ma ina ganin suna yi, kuma su kuɗi aka biya su. Ra'ayina, duk wanda zai tura fassarar na'ura ya haɗa da Larabcin a saƙo ɗaya kuma ya rubuta cewa waya ce ta fassara, in kuma maganar magani ce ko kuɗi ko doka ko sa hannu, kar ta fita sai wanda ya ji harsunan biyu ya duba. Muna da su, ɗalibanmu na Ummul Ƙura da na Jami'ar Musulunci ta Madina suna nan, ga yaranmu haifaffun nan da Larabci ya zama musu kamar ruwa.

Kuma a da da fassarar take fitowa a karkace kowa yana dariya, mutane suna taka-tsantsan da ita. Yanzu da ta iya jera Hausa mai santsi ne na fi jin tsoronta, don kunne in ya ji magana ta zauna sai ya yarda. Asibitoci ma ina ganin da sauran aiki a gabansu, ana fassara huɗubar Arfa da Hausa a ƙasar nan, to takardar layi huɗu da ake ba ɗaruruwan marasa lafiya iri ɗaya ba za ta gagara a ba mutum ya fassara sau ɗaya a buga a ajiye ba, a unguwannin da kowa ya san Hausawa sun cika.

Takardar Iya ta biyu da aka ba ta, ni da yaron muka zauna a kanta, na ba shi biro na ce ya zagaye duk kalmar kore da ya gani kafin ya taɓa waya. Ya zagaye uku, na ukun a wani layi da aka ƙara da hannu a ƙasa, لا تقود السيارة, kada a tuƙa mota bayan gwajin. Sannan muka fassara layi-layi, muka rubuta mata da Hausa a bayan takardar, maganin hawan jini ta sha da safe da ɗan kurɓin ruwa kamar yadda ma'aikaciyar jinyar ta tabbatar mana da muka kira lambar da ke jikin takardar. Ranar gwajin shi ya raka ta, ya ce min da aka auna jinin kafin a shiga da ita lafiya lau yake.